Jan Biro a Kan Lissafin Riba da Asara: Idan Ɗalibi Ya Ajiye Abu Ba a Wurinsa Ba

Duk malamin da ya taɓa duba takardun darasin akanta a sakandare ya san inda ido yake fara sauka. Can ƙasan shafi ne, a kan lambar da ɗalibi ya ja wa layi biyu, wato ribar ƙarshe. In ta yi daidai da wadda ke cikin takardar amsa, sai hankalin malam ya kwanta, jan biro ya bi layuka yana zuba maki. In ta saɓa, sai a fara kallon takardar da idon zargi tun daga samanta. A ganina, babu lambar da ta fi wannan ruɗar mai dubawa. Ɗalibi yana iya samun ta daidai alhali ya ajiye abu a inda ba wurinsa ba, wani kuma ya rasa ta alhali ya fahimci kusan komai. Aikin mai dubawa shi ne ya gano wane irin kuskure ne a gabansa kafin ya yanke masa hukunci, domin kurakuran ba nauyinsu ɗaya ba.

Lissafin riba da asara, kamar yadda ake koyar da shi don jarrabawar WAEC da NECO, hawa biyu ne. Hawan sama na kaya ne zalla: nawa aka yi ciniki a shekara, kuma kayan da aka sayar ɗin a kan nawa suka tsaya wa mai shago. Bambancin da ke tsakani shi ne ribar kaya. Hawan ƙasa yana ɗaukar ribar kayan nan, ya ƙara mata duk wani kuɗin shiga da ba ciniki ba ne, ya cire kuɗaɗen tafiyar da shago irin su haya da albashi da wuta. Abin da ya rage shi ne ribar ƙarshe. Ana rubuta shi ta hanya biyu. Akwai tsohon tsari mai ɓangare biyu, hagu da dama, inda abin da aka kashe yake zama a hagu, ɓangaren debit, abin da aka samu kuma a dama, ɓangaren kiredit. Akwai kuma tsarin da ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa, ana ƙarawa ana cirewa. A tsari na farko abu yakan faɗa ɓangaren da ba nasa ba. A na biyu kuwa kuskuren yakan zo ne ta hanyar ƙara abin da ya kamata a cire. Amma cutar ɗaya ce.

Bari mu ɗauki tambaya irin wadda malami zai iya bayarwa a gwajin aji. Wani ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Cinikinsa na shekara naira 5,000,000, amma masu saye sun dawo masa da kayan 100,000, saboda haka ainihin ciniki 4,900,000 ne. Ya shiga shekarar da kayan 600,000 a shago, ya yi sari na 3,400,000, ya mayar wa diloli kayan 200,000 da ba su yi masa ba, ya biya 150,000 kuɗin motar da ta kawo masa kayan, kuma a ƙarshen shekara kayan 750,000 suka rage a kan kanta. Idan aka haɗa aka cire, kayan da ya sayar sun tsaya masa a kan 3,200,000, ribar kaya ta zama 1,700,000.

A hawan ƙasa, diloli sun yi masa rangwamen 50,000 saboda ya biya bashi da wuri, wannan ƙari ne. Ya biya haya 300,000, albashin yaran shago 480,000, wuta 100,000, da kuma 70,000 kuɗin kai wa masu saye kayansu. Jimlar waɗannan huɗu 950,000, ribar ƙarshe ta tashi 800,000. Sai dai a cikin jerin lambobin da aka bai wa ɗalibai akwai wata 250,000 da mai shago ya ɗiba don hidimar gidansa. An saka ta ne da gangan, don a ga wanda zai bar ta a waje.

To ga takardar wata ɗaliba. Rubutunta tsaf, ta yi amfani da tsari mai hagu da dama. Ribar kayanta 1,850,000, ribar ƙarshe 450,000. Babu ko ɗaya da ta yi daidai da amsa. Kurakuranta uku ne kacal, kuma kowanne iri daban.

Na farko: kuɗin motar da ta kawo kaya, 150,000, ba ta saka shi a hawan sama tare da sari ba. Ta sauko da shi ƙasa ta jera shi da haya da albashi. Ɓangaren daidai ne, hagu, domin kuɗi ne da aka kashe. Taken da ta saka shi a ƙarƙashi ne ba daidai ba. Wannan kuskure yana da wata ɗabi'a da ya kamata kowane mai dubawa ya sani: yana kumbura ribar kaya da 150,000, amma ba ya taɓa ribar ƙarshe ko da kwabo ɗaya, saboda abin da ba a cire a sama ba an cire shi a ƙasa. Da a ce wannan ne kaɗai kuskurenta, da ta samu 800,000 cif, kuma malamin da ke duba ƙasan shafi kawai zai ba ta cikakken maki.

A nan ne ɗalibai suka fi yin gardama. Za ka ji an ce, "Malam, ai riba ta fito daidai, me ya sa aka cire mini maki?" Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa ta gaske, ba "haka littafi ya ce" ba. Kuɗin kawo kaya shago wani ɓangare ne na farashin kayan. Ɗan kasuwar da ya sari bandir a Legas bai san a kan nawa ya tsaya masa ba sai ya haɗa da kuɗin mota da dako har bakin shagonsa. Ƙa'idar akanta ta duniya mai kula da kayan sayarwa, IAS 2, haka ta tanada: kuɗin sufurin da ya kawo kaya inda suke yana cikin farashinsu, kuɗin da aka kashe wajen sayar da su kuwa ba ya ciki. Shi ya sa 150,000 take sama, 70,000 ta kai wa masu saye take ƙasa, duk da cewa dukkansu kuɗin mota ne kuma sunayensu a takardar tambaya kusan iri ɗaya ne. Illar ba a takarda ta tsaya ba. Da lissafin ɗalibar, mai shago zai ɗauka yana cin ribar kusan naira 38 a kowace 100 ta ciniki, alhali gaskiyar ba ta kai 35 ba. Mutumin da ya yarda da lambar farko zai yi ragi a ciniki fiye da abin da kayansa za su iya ɗauka.

Na biyu shi ne ainihin saɓa ɓangare. Rangwamen 50,000 da diloli suka yi wa mai shago, ta rubuta shi a hagu, cikin abubuwan da aka kashe. Samu ne, wurinsa dama. Irin wannan kuskure yana cin riba ninki biyu: ba a ƙara 50,000 da ya kamata a ƙara ba, sannan an cire 50,000 da bai kamata a cire ba. Giɓin ya zama 100,000. Wannan ninkin babban makami ne ga mai dubawa. Idan ribar ɗalibi ta saɓa da amsa, ka cire ɗaya daga ɗaya, ka raba bambancin biyu, ka duba ko akwai wata lamba a tambayar da ta yi daidai da abin da ka samu. In akwai, da wuya ba ita ce ta ƙetare zuwa ɗaya ɓangaren ba. In kuma bambancin kansa, ba rabinsa ba, shi ya yi daidai da wata lamba, to ko an manta da abin ne gaba ɗaya, ko an shigo da abin da ba ya cikin lissafin.

Wannan ya kai mu ga na uku, wanda na fi ɗauka da nauyi. Ta saka 250,000 ta hidimar gida a cikin kuɗaɗen shago. Wannan ba batun hawa ba ne, ba na ɓangare ba. Abin ba shi da gurbi a wannan lissafi kwata-kwata. Cefanen mai shago da kuɗin makarantar 'ya'yansa ba su suka kawo ciniki ba. Ɗibarsu rage jari ne, kuma a takardar da ke nuna dukiya da bashi ake cire su. Ɗalibin da ya saka su a nan bai riga ya raba mai shago da shagonsa ba, kuma a kan wannan rabuwar aka gina darasin akanta duka. Haka abin yake da wanda ya saka kuɗin sayen janareta ko babur na shago a cikin kuɗaɗen shekara, alhali abin da ake sakawa shi ne raguwar darajarsu kawai.

Yanzu a duba giɓin. Amsa 800,000, tata 450,000, bambanci 350,000. Rangwame ya ci 100,000, hidimar gida ta ci 250,000, kuɗin mota bai ci komai ba. Lissafi ya rufe. Da zarar mai dubawa ya iya bayyana giɓin har kwabo na ƙarshe, ya tabbatar babu wani kuskuren haɗawa ko cirewa da ya ɓoye masa.

Yadda makin yake rabuwa

A ce malam ya ware maki 15: ɗaya na take, bakwai na abubuwa bakwai da ke hawan sama, ɗaya na ribar kaya, ɗaya na rangwame, huɗu na kuɗaɗen shago huɗu, ɗaya na ribar ƙarshe. Abin lura na farko shi ne, makin kowane abu ba na kwafo lamba ba ne. Lambar tana cikin tambaya, kowa zai iya kwafe ta. Makin na ajiye ta a wurinta ne, da sunanta, da kuma yi mata abin da ya dace, ƙari ko ragi. Don haka kuɗin mota ya rasa makinsa ko da yake 150,000 tana nan a shafin, rangwame ma haka.

Sai ribar kaya. Tata 1,850,000 ce, ba 1,700,000 ba. A hana ta? Ni dai ina ganin bai kamata ba. An riga an hukunta ta a kan kuɗin mota. In aka sake cire mata maki a nan, an yi mata bulala biyu a kan laifi ɗaya. Jarrabawoyin akanta da dama, har da na Cambridge, suna aiki da ƙa'idar bin lambar ɗalibi, kuma mai dubawa yakan rubuta haruffan OF kusa da makin don a san da lambar ɗalibin aka yi aiki. Ma'anarta, ka ɗauki lambobin da ya rubuta, ka bi su da kanka, in hanyarsa daidai ce kuma lissafinsa ya fita, ka ba shi makin. Ɗalibar nan ta cire 3,050,000 daga 4,900,000 ta samu 1,850,000, ta kuma kira ta da sunanta. Ta nuna ta san yadda ake fitar da ribar kaya. Makin nata ne.

Ribar ƙarshe kuwa daban. Ƙa'idar bin lambar ɗalibi tana da iyaka, kuma iyakar da aka saba sakawa ita ce kada a samu baƙon abu a cikin lissafin. Dalilin a fili yake. Kuɗin hidimar gida ba shi da maki nasa a tsarin, domin ba a sa ran ganinsa. In ba a cire komai ba, ɗalibin da ya kwashe duk lambobin tambaya ya zuba su a shafi zai yi kunnen doki da wanda ya zauna ya tantance. Wurin da ya dace a biya wannan kuskure shi ne makin ribar ƙarshe. Ta rasa shi. Jimla ta rasa uku, ta tashi da 12 cikin 15, kuskure ɗaya maki ɗaya.

Kwatanta da malamin da ya ga ribar kaya ba daidai ba, ya ja dogon layi daga nan har ƙasa. A wurinsa yarinyar za ta samu makin take da abubuwa shida na sama, 7 ke nan. Takarda ɗaya, hannu ɗaya, amma a wurin wannan ta faɗi, a wurin wancan ta yi kyau ƙwarai. Abin da ya fi damuna da maki 7 ɗin ba ƙarancinsa ba ne. Ƙarya yake faɗa wa yarinyar. Yana ce mata ba ta san haya da albashi ba, alhali ta san su sarai, kuma ba ya nuna mata abubuwa ukun da take bukatar gyarawa.

Bin lambar ɗalibi yana cin lokaci, babu musu. Malamin da ke da aji mai cunkoso zai sake lissafi a kan kowace takarda da ta saɓa da amsa. Abin da ke rage wahalar shi ne, kafin a fara dubawa, malam ya fitar da ribar da kowane sanannen kuskure zai haifar, ya rubuta a gefen takardar amsarsa. A tambayarmu, duk wanda ribar kayansa ta zama 1,850,000 ya bar kuɗin mota a waje ko ya sauko da shi. Duk wanda ya samu 1,500,000 ya musanya kayan da aka dawo da su da waɗanda aka mayar, ya cire 200,000 daga ciniki, 100,000 daga sari. Ribar ƙarshe 700,000 rangwame ne ya ƙetare, 550,000 kuma hidimar gida ce ta shigo. Da wannan ɗan jerin a hannu, yawancin takardu suna bayyana kansu da kallo ɗaya. A babbar jarrabawa kuwa ba ra'ayin mai dubawa ake bi ba. Tsarin makin da hukumar ta bayar, wanda aka tattauna a taron masu dubawa, shi ne hukunci, ko da ya saɓa da abin da mutum yake yi a ajinsa.

Ba duk abin da ya sauya ɓangare ne kuskure ba

Nan ne sababbin malamai suka fi zaluntar ɗalibai ba da niyya ba. Takardar amsa ta nuna kayan da suka rage a ƙarshen shekara, 750,000, a hagu, an cire su daga sari. Sai ga ɗalibi ya rubuta su a dama, ƙarƙashin ciniki, ya haɗa. Ido yana cewa ya saɓa ɓangare. Amma cirewa a hagu da ƙarawa a dama abu ɗaya ne, ribar kaya za ta fito 1,700,000 daidai, kuma tsofaffin littattafai da yawa haka suke rubuta shi. Haka nan wanda ya ajiye kayan da masu saye suka dawo da su a hagu a matsayin layi mai zaman kansa, maimakon ya cire su daga ciniki a dama. Bai karya ƙa'idar debit da kiredit ba. Abin da ya rasa shi ne bai nuna ainihin ciniki ba, ko bai nuna a kan nawa kayan da aka sayar suka tsaya ba. In tambaya ta nemi waɗannan lambobi kuma an ware musu maki, ya rasa wannan makin kaɗai. In ba ta nema ba, babu abin cirewa.

Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne. Kada ka tambayi kanka ina abin yake zaune, ka tambayi me ya yi wa riba. Kayan ƙarshen shekara ƙara riba suke yi, ko a hagu aka cire su ko a dama aka haɗa su. Wanda ya rubuta su a hagu ya haɗa su da sari shi ne ya yi kuskure, ko da yake a ɓangaren da takardar amsa ta nuna ya ajiye su. Shi ya sa dole mai dubawa ya bi jimlar da kansa. Ɗalibi yana iya rubuta kalmar cirewa a gaban abu sannan ya haɗa shi, wani kuma ya manta kalmar amma ya cire daidai. Na biyun ya fi cancantar makin.

Batun take ma ba wasan makaranta ba ne kawai. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari a Nijeriya sun koma ƙa'idojin IFRS tun 2012, kuma sabuwar ƙa'ida, IFRS 18, wadda aka fitar a 2024 za ta fara aiki a 2027, babban abin da ta zo da shi shi ne tilasta wa kamfanoni su rarraba kuɗin shiga da na fita ƙarƙashin rukunai ƙayyadaddu, a ware na gudanar da sana'a daga na zuba jari da na bashi. Tambayar da ake yi wa ɗan aji biyar a kan kuɗin mota ita ce ake yi wa manyan akantoci, girman lambobin ne ya bambanta.

Rubutun hannu yana kawo nasa matsalolin. Ɗalibi yakan gane kuskurensa a makare, ya ja kibiya daga ƙasa zuwa sama yana nuna inda abin ya kamata ya zauna. In kibiyar a fili take, kuma ya gyara jimlar ta bi sabon wurin, na karɓa. In ya ja kibiya amma jimla ba ta sauya ba, to lissafin da ya miƙa bai amince da kibiyar ba, kuma jimlar nake bi. Wani yakan rubuta abu ɗaya a wuri biyu, kuɗin mota a sama da ƙasa, ko rangwame a hagu da dama, yana fatan malam ya zaɓi wanda ya yi daidai. Wannan ba ya samun maki, domin zaɓin shi ne abin da ake gwadawa. Abin da aka soke da layi kuma aka maye gurbinsa ba a duba shi. Lambar da ba ta fita sosai, 1 ce ko 7, 0 ce ko 6, jimlar shafin takan warware ta: gwada duka biyun ka ga wacce ta ba da abin da ya rubuta a ƙasa.

Akwai kuma takardar da ke zuwa jefi-jefi wadda komai nata a juye yake: ciniki a hagu, sari da haya da albashi a dama, tun daga sama har ƙasa, riba kuma ta fito 800,000. In aka bi layi-layi, kowane abu yana ɓangaren da ba nasa ba, makin ya zama sifili. Amma wannan ɗalibi bai yi kuskure goma sha biyu ba. Kuskure ɗaya ya yi, ya juya hagu da dama, kuma ya raba samu da kashewa daidai a kowane layi, abin da ɗalibar mu ta farko ma ba ta yi ba. A gwajin aji, abin da nake ganin adalci shi ne a cire masa wani kaso da malam ya ƙayyade tun kafin ya fara dubawa, a ba shi sauran, a kuma rubuta masa a sarari cewa a babbar jarrabawa wannan juyin yana iya cinye masa makin tambayar duka, tunda can tsarin hukuma ake bi. Sannan a duba sauran littafinsa, domin wanda ya juya ɓangarori a nan, da alama ya juya su a littafin kuɗin hannu da sauran asusai, kuma can ne gyaran zai fara.